Yadda na bi takaitaccen rahoton gwajin ƙasa har ya faɗi sharuɗɗan lambar da ya bayar

Aikina lissafin ƙarfin gini ne, kuma wannan bayanin na rubuta shi ne don injiniyoyi da masu zane da masu kula da aiki waɗanda ake miƙo wa rahoton gwajin ƙasa a ce su ɗora fandisho a kansa. Ginin da ake magana bene ne mai hawa uku a kan na ƙasa, a wata tsohuwar unguwa ta Kano, ginshiƙansa na kankare da rodi, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi mita 4.5. Mai ginin ya riga ya biya wani kamfanin gwajin ƙasa tun kafin aikin ya zo hannuna, don haka abin da ya iso ofishina littafi ne ɗaurarre mai shafi arba'in da ɗoriya, da hatimin injiniya a bango. Shafi na biyu shi ne takaitaccen bayani. A cikinsa jimla ɗaya ce ta shafi fandisho, ma'anarta kuwa ita ce ƙasar wurin za ta ɗauki nauyin 200 kN/m² a zurfin mita 1.5, kuma ana ba da shawarar a yi wa kowane ginshiƙi fandishonsa shi kaɗai. Daga nan sai sa hannu.

Wannan shafin ne ake ɗauka a waya a tura wa ɗan kwangila, shi ake liƙawa a fayil ɗin neman izinin gini, shi kuma mai kula da aiki zai tuna bayan shekara guda. Sauran shafukan da wuya wani ya sake buɗe su. Lambar da ke cikinsa kuma ba halin ƙasa ba ce kamar launinta ko nauyinta. Amsa ce ta wani lissafi da aka yi da faɗin fandisho kaza, a zurfi kaza, ruwan ƙasa yana wuri kaza, an raba da lamba kaza don kariya, an kuma yarda ginin ya nitse da milimita kaza. In ɗaya daga cikin waɗannan ya canza, amsar ta canza. Takaitaccen bayanin bai faɗi ko ɗaya ba, sai zurfin, shi ma bai ce daga ina aka auna ba.

Kafin in kira kowa, na fara da nawa lissafin, domin ba ka iya duba rahoto alhali ba ka san nauyin da za ka ɗora ba. Ginshiƙin tsakiya mafi nauyi yana sauke kamar 900 kN, na kwana kuma wajen 350. Wannan nauyin aiki ne, wato kafin a ninka shi da 1.4 da 1.6 da muke amfani da su a BS 8110 wajen lissafin rodi. Ƙarfin ƙasa da aka yarje da nauyin aiki ake gwada shi, domin an riga an cire rarar kariya a cikinsa. Na sha ganin zanen da aka haɗa ninkakken nauyi da lambar da aka riga aka raba, fandisho ya kumbura a banza, na kuma ga akasin haka, wanda shi ne mai haɗari. In aka raba 900 da 200 za a sami murabba'in mita 4.5, wato fandisho mai faɗin kamar mita 2.1 kowane gefe. Na rubuta wannan faɗin a gefen takarda, na juya zuwa bayan littafin, inda takardun ramukan gwaji da sakamakon lab suke. Kullum daga baya nake fara karatu in yi gaba, don in ga abin da ƙasa ta nuna kafin in ji abin da marubucin ya ce ta nuna.

Rami uku aka haƙa, kowanne zurfin mita 6, a watan Maris. A na ɗaya da na biyu, bayan ƙasar sama, jar ƙasa ce mai yumɓu da yashi da ɗan burji, irin wadda muka saba gani a Kano. An yi gwajin SPT, wanda ake sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin milimita 760 a ƙirga bugun da zai shigar da bututu milimita 300 na ƙarshe. A zurfin mita 1.5 ramukan biyu sun ba da 16 da 14. Rami na uku, wanda ke kusurwar arewa maso gabas, ya ba da 5, kuma mai rubuta takardar ramin, Allah ya saka masa, ya rubuta cewa daga sama har zuwa mita 2.4 baƙar ƙasa ce mai guntayen leda da fasassun bulo da toka. Wannan ciko ne, ba ƙasar asali ba. Takaitaccen bayanin bai ambaci ciko ko sau ɗaya ba. Ruwa kuma an ce an same shi a zurfin mita 4.5, ba a faɗi ko a ranar haƙan aka auna ko an bari ya kwana ya daidaita ba. A ƙasa mai yumɓu ruwa ba ya hanzarin cika rami, don haka awon da aka yi ana gama haƙa yakan nuna shi ƙasa da inda yake.

A shafin lissafi na tarar da inda 200 ta fito. Tsarin Terzaghi na 1943 aka bi, na fandisho mai tsawo da faɗi ɗaya:

```
qu = 1.3·c·Nc + γ·D·Nq + 0.4·γ·B·Nγ
```

An ɗauki danƙon ƙasar c 18 kN/m², kusurwar gugarta digiri 20, nauyinta γ 18 kN/m³, zurfi D mita 1.5, faɗi B mita 1. A digiri 20 jadawalin da suka yi amfani da shi ya ba da Nc 17.7 da Nq 7.4 da Nγ 5.0. Kashi na farko ya fita 414, na biyu 200, na uku 36, jimla 650. Aka raba da 3 aka sami 217, aka zaftare ta koma 200. Lissafin daidai yake, ban sami kuskuren ƙidaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin daga danƙo ya zo, danƙon kuma an auna shi ne a kan samfur biyu kacal, duka daga rami na ɗaya da na biyu, a yadda aka ciro su da rani. Jar ƙasarmu da rani tana da wani ƙarfi na aro: ɗan danshin da ke tsakanin ƙwayoyinta yana tsotse su wuri guda, shi ya sa lebura yake sara da diga tana tsalle. In ta sha ruwa ta ƙoshi wannan tsotson yakan tafi, danƙon da na'ura ta gani ya ragu. Ga shi kuma faɗin da aka yi lissafi da shi mita 1 ne, ni kuwa fandishona ya haura mita 2. Babu lissafin nitsewa ko layi ɗaya, duk da cewa akwai sakamakon gwajin matse ƙasa a bayan littafin, an biya kuɗinsa an ajiye.

Mataki na gaba filin ne. Na je da rahoton da tef, da niyyar in ga inda ramukan suke. Zanen wurin da ke cikin littafin ba shi da awo, ɗigo uku ne kawai a cikin akwati, don haka mai gadi ne ya nuna mini bakin ramukan, biyu sun cike, ɗaya an toshe da dutse. Kusurwar arewa maso gabas ta ɗan fi sauran filin kwari, ciyawar wurin kuma ta fi duhu. Katangar maƙwabci a wannan gefen tana da tsaga mai tafiya a karkace daga ƙasan taga, sama ta fi buɗewa, har yatsa na shiga. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar gidan na gaishe shi na ce, «Baba, da can me ke wurin nan?» Ya ce kududdufi ne, nan aka riƙa ɗibar ƙasar gina unguwar, daga baya shara ta cike shi, aka zuba ƙasa a kai aka yanka filaye. Wanda ya san tsohuwar Kano ba zai yi mamaki ba, kududdufai da yawa haka suka ƙare. Na roƙe shi ya nuna mini rijiyar gidansa. A jikin kankaren rijiyar akwai layin gansakuka da ya bushe, na saka tef, mita 1.1 daga saman ƙasa. Ya ce a watan Agusta da hannu matan gidan suke ɗiba da bokiti, ba sa neman igiya. Wannan ba awon injiniya ba ne, amma ya isa ya nuna cewa mita 4.5 na watan Maris ba shi ne matakin da za a yi lissafi da shi ba, domin da damina fandishon da ke mita 1.5 cikin ruwa zai kwana.

A filin kuma na lura titi ya fi filin tudu da kusan mita 0.6, kuma zanen mai zane ya nuna za a cike a ɗaga daɓe sama da titi. Ke nan mita 1.5 tana da ma'ana biyu. In ɗan kwangila ya cike filin sannan ya auna daga sabon saman, fandishon zai zauna a mita 0.9 na asalin ƙasa, inda babu wanda ya gwada. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma a wurin aiki shi ya fi faruwa, don kowa yana son ya rage haƙa.

Na dawo na rubuta wa kamfanin wasiƙa ta hannun mai ginin, tun da shi ya ɗauke su aiki kuma shi suke jin maganarsa. Shawarata ga duk mai wannan aikin ita ce ya rubuta, kada ya tsaya a waya, kuma kowace tambaya ya ɗaura ta da lambar shafi. Ban ce rahoton ba shi da kyau ba. Na tambayi ko 200 ɗin gaba ɗayan nauyin da ke ƙarƙashin fandisho ne ko kuwa ƙarin da ke kan nauyin ƙasar da aka kwashe, na tambayi faɗin da lambar ta tsaya a kai, da matakin ruwan da aka ɗauka, da iyakar nitsewa, da inda ake auna zurfi, da kuma ko lambar ta shafi yankin rami na uku. Amsa ba ta zo da wuri ba. Injiniyan da ya sa hannu yana wani aiki a wata jihar, wanda ke ofis kuma ya ce ba shi da ikon taɓa abin da ba shi ya sa wa hannu ba, kuma gaskiyarsa ce. A wannan jiran mai ginin ya matsa, domin ya sayi siminti yana kuma kallon hadari na tasowa. Ya ce mini, «Injiniya, takarda ga ta da hatimi, me kuma ake jira?» Na ce, «Alhaji, hatimin ya tsaya wa lissafin da aka yi, amma lissafin ba na fandishonka ba ne.» Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, don a idonsa ni ne mai tsayar da aiki.

Da injiniyan ya dawo muka zauna a ofishinsu, mutum ne mai sanin aikinsa. Abin da ya fara faɗa ya warware mini rabin damuwata: lokacin da aka ba su aikin ba a ba su zane ba, ba a faɗa musu nauyi ba, an dai ce gida ne za a gina. Shi ya sa suka ɗauki faɗin mita 1 suka tsaya a mita 6. Laifin nan ba nasu ba ne su kaɗai, kuma ya nuna cewa takaitaccen bayani dole ya faɗi irin ginin da aka zata, ko da jimla ɗaya. Muka ɗauki takarda muka yi lissafin nitsewa a gabanmu, a hanya mai sauƙi. Gwajin matsewa ya ba da 0.11 m²/MN. In aka ɗauka nauyi yana bazuwa ƙasa da gangaren biyu a tsaye ɗaya a kwance, har zuwa zurfin ninki biyu na faɗin fandisho, nitsewar takan zama wannan lambar sau nauyin sau kashi biyu cikin uku na faɗin. Da faɗin mita 1 da nauyin 200, abin ya fita kamar milimita 15, lafiya lau. Da faɗin mita 2.1 da nauyin nan dai, ya fita milimita 31. Iyakar da aka saba ɗauka ga fandishon ginshiƙi ɗaiɗai ita ce milimita 25.

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, ni ma sai da na maimaita wa mai ginin a hankali. A lissafin Terzaghi, in fandisho ya ƙara faɗi ƙarfin da zai hana ƙasa tsagewa ta zame yana ƙaruwa, sai mutum ya zaci lambar ƙaramin fandisho ta fi zama lafiya ga babba. Amma babban fandisho yana matsa ƙasa zuwa zurfi mai nisa, don haka a nauyi ɗaya kan kowane murabba'in mita ya fi nitsewa. Ƙaramin fandisho zamewar ƙasa ce ke yi masa iyaka, babba kuwa sau da yawa nitsewa ce. Rahoton da ya ba da lamba ɗaya tak ga kowane faɗi, ko dai ya yi rowa ga ƙanana ko ya yi kyauta ga manya. Wannan zurfin tasirin kuma shi ya tona gajartar ramukan: fandishon da zai kai mita 2.75 a zurfin mita 1.5 yana taɓa ƙasa har kusan mita 7, ramukan kuwa a mita 6 suka tsaya.

Muka yarda da ƙarin aiki: rami biyu zuwa mita 10, ɗaya a tsakiyar ginin ɗaya a gefen cikon, da ramukan hannu guda huɗu a kusurwar arewa maso gabas don a gano bakin kududdufin, da bututun roba mai huda a rami ɗaya don a riƙa auna ruwa, da gwajin ƙarfi a kan samfurin da aka jiƙa ya ƙoshi. Kuɗin ya kai kusan rabin abin da aka biya a karon farko, mafi yawansa na kawo injin da mayar da shi ne, wanda da an ba su zane tun farko sau ɗaya za a biya. Ramukan hannu su ne mafi arha, kuɗin leburori ne kawai, kuma su suka fi nuna abu. Gyaran rahoton kansa ba su caji komai ba. Na ce wa mai ginin ya nemi takardar farashi mai bayyana kowane gwaji da adadinsa, don a gaba a iya gwada abin da aka biya da abin da ya fito a littafi.

Ranar haƙan na tsaya a wurin, kuma ina ba kowa shawarar ya tsaya. A ramin hannu na biyu aka ga iyakar a fili, kamar an ja layi: sama baƙar ƙasa mai laushi da wari, leda na fitowa a bakin shebur, ƙasa kuma jar ƙasa mai tauri wadda diga ke barin sheƙi a jikinta. Layin bai kwanta a miƙe ba, ya gangara zuwa kusurwa, daga mita 0.8 har ya kai 2.6. Kada a bar lebura ya shiga rami irin wannan ba tare da an buɗe bakinsa ko an tokare shi ba, ciko ba ya ba da sanarwa kafin ya rufta. Muka auna inda kowane rami yake daga dutsen iyakar fili, aka ɗora a kan zanen ginshiƙai, sai ga ginshiƙai biyar sun faɗa cikin yankin cikon. A wajen injin kuma na lura da yadda ake sakin gudumar. Da igiya ake ja a saki, kuma in mai ja ya gaji ba ya kai ta cikakken tsayi, bugu ya yi yawa, ƙasa ta fito a takarda da ƙarfin da ba ta da shi. Mun sa aka yi alama da fenti a jikin sandar a milimita 760.

Lab shi ne wurin jira mafi tsawo, kuma ba a gaggauta shi. Gwajin matsewa kowane nauyi ana barinsa awa 24 kafin a ƙara na gaba, ga kuma jiƙa samfur. Duk wanda ya yi maka alkawarin wannan sakamakon washegari, ka tambaye shi yadda ya yi. Da ya fito, danƙon ya sauko daga 18 zuwa 8, kusurwar guga ta tsaya wajen digiri 20. Bututun ruwa kuma, da damina ta kankama, ya nuna ruwa yana hawowa mako bayan mako, don haka injiniyan ya yanke a yi lissafi da ruwa a mita 1. Ƙasar da ke cikin ruwa kusan rabin nauyinta take da shi a lissafi, wajen 10 maimakon 18, wannan kuma yana rage kashi na biyu da na uku. Da faɗin mita 2.5 aka sami 184 da 170 da 50, jimla 404. Aka cire 23 na nauyin ƙasar da ke sama, aka raba da 3, ya ba da 127. Sababbin ramukan sun nuna ƙasa tana ƙara tauri har zuwa ruɓaɓɓen dutse, babu wani laushi a ɓoye a ƙasa, wanda ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Aka tsaya a kan 120. Da wannan, ginshiƙin 900 kN yana son fandisho mai faɗin mita 2.75, nitsewarsa kuma ta fita kamar milimita 24, ta shiga iyaka da ƙyar.

Daftarin farko na gyaran da suka turo ya canza lambar kawai, 200 ta koma 120, sauran bayanin yana can shafi na talatin da wani abu. Na mayar, na ce abin da nake nema shi ne wanda ya karanta shafi na biyu shi kaɗai kada ya iya yin kuskure da lambar. Wanda aka amince da shi a ƙarshe, ma'anarsa ita ce: an yi binciken don bene mai hawa uku a kan na ƙasa, nauyin ginshiƙi bai wuce 900 kN ba a nauyin aiki, ƙarin nauyin da aka yarje shi ne 120 kN/m², ga fandisho mai tsawo da faɗi ɗaya daga mita 1.5 zuwa 2.75, nauyi a tsaye kuma a tsakiya. Zurfi mita 1.5 daga saman ƙasa na ranar bincike, an ɗaura shi da alamar da aka kafa a jikin kwalbatin titi. An raba da 3, an ɗauki ruwa a mita 1, nitsewa ba za ta wuce milimita 25 ba. Lambar ba ta shafi yankin cikon da aka yi wa inuwa a zane ba, can sai an ratsa cikon an shiga ƙasar asali da aƙalla mita 0.3, in faɗi ko nauyi ko matakin fili ya canza, ko aka ga ƙasar da ta saɓa wa bayanin, a dawo wa kamfanin kafin a zuba kankare. Duka bai cika rabin shafi ba. Na kuma nemi a sa kwanan wata da lambar gyara a bango, a rubuta cewa ya soke na farko, domin tsohon shafin yana nan a wayoyin mutane.

Maganar «a tsaye kuma a tsakiya» ba ado ba ce. Ginshiƙai biyu na jikin iyakar fili ba su da wurin da fandisho zai bazu ta kowane gefe, nauyi zai faɗa a gefe guda, matsin da ke bakin zai fi matsakaici nesa ba kusa ba. Waɗannan na haɗa su da ginshiƙan ciki da bim, ban dogara da 120 kai tsaye ba. Haka nan bambancin nitsewa ya fi jimlarta tsaga bango: a tazarar mita 4.5, ma'aunin ɗaya cikin 500 da ake yawan bi yana nufin milimita 9 kacal tsakanin ginshiƙi da maƙwabcinsa. Da an zaunar da ginshiƙai biyar ɗin nan a kan ciko, sauran a kan jar ƙasa, babu lissafin da zai ce ga inda abin zai tsaya, domin shara tana ruɓewa ne tana zama shekara da shekaru ko ba a ɗora mata komai ba.

A ofishin hukumar tsara birane aka karɓi fayil da sabon rahoton, da zanen gini da na rodi da takardar lissafi mai hatimin rajistar COREN. Wanda ya duba ya gwada lambar da ke rahoton da wadda na rubuta a bayanan zanen fandisho ya ga sun yi daidai. Saboda haka na kwafe sharuɗɗan duka a kan zanen, ban bar lambar ita kaɗai ba, don zane ne ke zuwa wurin aiki, littafi a ofis yake zama. Mai ginin ya ji nauyin abin a kuɗi: babban fandisho ya tashi daga kankare kamar kubik mita 2.2 zuwa 4.5, ga ƙarin haƙa da kankaren ciko marar rodi da aka zuba a ramuka biyar daga mita 2.9 zuwa matakin sauran.

Ga wanda zai yi irin wannan dubawar, abin da ya fi rage wahala shi ne a ba masu gwajin ƙasa zanen ginshiƙai da nauyinsu kafin su kawo inji, a kuma rubuta musu a takardar aiki cewa ana son jadawalin ƙarfi bisa faɗi da zurfi, ba lamba ɗaya ba. In rahoto ya riga ya fito, a duba watan da aka yi haƙa, a duba rami mafi rauni a ga ko an ɗauki samfur a cikinsa, a gwada zurfin rami da ninki biyu na faɗin fandisho, a kuma duba ma'auni, don tsofaffin rahotanni suna rubuta kg/cm², wanda ɗaya daga cikinsa kusan 98 kN/m² ne. Waɗannan sharuɗɗan na jar ƙasar Kano ne da cikonta. A baƙar laka mai kumbura ta sassan Borno da Adamawa da Gombe, takaitaccen bayani sai ya ƙara faɗin zurfin da danshi ke canzawa da ƙarfin kumburin, don can ƙasar ɗaga gini take yi, ba nitsar da shi kaɗai ba.

Mataki na ƙarshe shi ne duba gindin kowane rami kafin a zuba kankaren shimfiɗa. Injiniyan ƙasa ya turo ma'aikacinsa, muka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da rodi mai kauri milimita 12, ana dannawa da nauyin jiki. A jar ƙasar asali da ƙyar yake shiga tsawon gaɓar yatsa. A rami ɗaya da ke wajen yankin da aka yi wa inuwa ya shige kusan kamu guda a gefen gabas, aka ƙara haƙa mita 0.4 kafin a kai ga tauri, aka rubuta a takardar wurin aiki, aka gyara layin cikon a zane. Ramukan da ruwan sama ya kwana a ciki an kwalfe su, an kankare laushin da ke sama kamar santimita 10, aka zuba shimfiɗar a ranar ba a bari ta sake kwana a buɗe ba.